Rassan hanyoyin iska na huhu

Rassan hanyoyin iska na huhu su ne bututan da ke ɗaukar iska daga maƙogwaro, suna rarrabuwa biyu-biyu cikin huhu, har su ƙare a ƙananan buhunan iska da ake kira albiyolai, inda iskar oksijin take shiga jini, kabon dayoksaid kuma yake fita. Likitoci suna kwatanta su da itaciyar da aka kifa kanta ƙasa: gangar jikin tana sama a wuya, rassan suna ƙasa cikin ƙirji. Kowane bututu yana da shimfiɗar ƙwayoyin halitta a cikinsa, wadda ake kira efitiliyom. Wannan shimfiɗa ba iri ɗaya ba ce daga sama har ƙasa. A manyan bututai tana da kauri, tana fitar da majina, tana share datti. Yayin da bututan suke ƙanƙancewa sai ta riƙa raguwa, har ta zama siririn tantani a cikin albiyolai. Wannan sauyi shi ne ke bayyana inda ƙura da hayaƙi suke maƙalewa a huhu, da irin cutar da suke haddasawa, musamman a wurare kamar ƙauyukan arewacin jihar Kano inda hazon hunturu, ƙurar sussuka da hayaƙin murhu suke haɗuwa a lokaci guda.

## Daga maƙogwaro zuwa manyan rassa

Babban bututun iska, wanda ake kira tirakiya, yana farawa ne daga ƙarƙashin akwatin murya. A jikin baligi tsawonsa santimita 10 zuwa 12 ne, faɗinsa kuma kusan santimita 2. Yana da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 da ke hana shi rufewa. Zobban ba su haɗe ba ta baya, siffarsu kamar jinjirin wata, kuma tsoka ce take cike giɓin, a daidai inda bututun yake jingine da hanyar abinci. Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ranar Babbar Sallah ya ga waɗannan zobba a maƙogwaron dabbar, kuma idan ya bi bututun da wuƙa cikin huhu zai ga yadda yake rarrabuwa.

A bayan ƙashin ƙirji tirakiya tana rabuwa gida biyu, reshe ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Kowane ɗayansu ana kiransa buronkos. Rassan biyu ba su yi daidai da juna ba. Na dama gajere ne, kimanin santimita 2.5, ya fi faɗi, kuma ya fi miƙewa ƙasa. Na hagu ya kai kimanin santimita 5, ya fi siranta, ya kuma karkata gefe saboda zuciya ta tare masa hanya.

Daga nan kowane buronkos yana rabuwa gwargwadon ɓangarorin huhu: uku a dama, biyu a hagu. Waɗannan kuma suna rabuwa zuwa rassan yankuna, goma a dama, takwas zuwa goma a hagu. Kowane yanki yana da reshensa na iska da jijiyarsa ta jini, shi ya sa likitan tiyata yake iya cire yanki ɗaya da ya lalace ya bar sauran.

## Ƙananan rassa da lissafin rabuwa

A shekarar 1963 masanin ƙirar jiki Ewald Weibel, ɗan ƙasar Suwizalan, ya wallafa ma'aunin da har yau ake koyar da shi. A lissafinsa, idan aka ɗauki tirakiya a matsayin mataki na sifili, hanyar iska tana rabuwa biyu kimanin sau 23 kafin ta ƙare. Wannan ma'auni ne na kwatance, domin a huhu na gaske wasu hanyoyin sun fi wasu gajarta, kuma rassa biyu da suka fito daga tushe ɗaya ba lalle su yi girma ɗaya ba.

Yayin da rassan suke ƙanƙancewa, zobban guringuntsi suna komawa gutsattsarin faranti, sannan su ɓace baki ɗaya. Bututun da faɗinsa ya sauka zuwa kimanin milimita 1, ba shi da guringuntsi, shi ake kira buronkiyol. Abin da ke riƙe shi a buɗe shi ne naman huhun da ke kewaye da shi yana jan bangonsa ta kowane gefe, kuma tsokar da ta naɗe shi tana iya matse shi. Matsewar wannan tsoka tare da kumburin shimfiɗa ita ce ke kawo shessheƙar mai ciwon asma.

A wajen mataki na 16 ake samun buronkiyol na ƙarshe, mai faɗin kusan rabin milimita. Idan aka ninka biyu sau 16 ana samun 65,536, wato adadinsu a lissafin Weibel. Duk bututan da ke tsakanin hanci da wannan mataki aikinsu rakiyar iska ne kawai: suna ɗumama ta, su jiƙa ta, su tace ta, amma oksijin ba ya shiga jini a cikinsu. Daga mataki na 17 zuwa na 19 albiyolai suna fara tsirowa ɗaiɗai a bangon bututu. Daga na 20 zuwa na 22 bangon gaba ɗaya ya zama bakunan albiyolai. Mataki na 23 shi ne tarin buhunan da hanya take ƙarewa a cikinsu.

Akwai abu ɗaya da ke rikita mai koyo. Kowane reshe ya fi uwarsa ƙanƙanta, amma idan aka haɗa faɗin rassan mataki ɗaya gaba ɗaya, jimillar tana ƙaruwa ne. Bakin tirakiya bai wuce murabba'in santimita 2.5 ba, amma jimillar bakunan buronkiyol na ƙarshe ta haura murabba'in santimita 150. Saboda haka iska tana gudu da ƙarfi a sama, tana rage gudu a ƙasa, kamar ruwan kwari da ya fito fadama ya bazu. A can ƙarshe iskar kusan tsaye take, kuma duk ƙurar da ta iso wurin tana samun damar kwantawa.

## Iskar da ba ta isa albiyolai ba

Bututan rakiya suna ɗaukar kimanin mililita 150 na iska a jikin baligi. Mutumin da ke zaune yana jan kusan mililita 500 a kowane numfashi, don haka 350 ne kawai sabuwar iskar da take isa inda ake musaya. Idan yana numfashi sau 15 a minti, ya ja mililita 7,500, amma 5,250 ne suka yi masa amfani. Idan ciwo ya sa numfashinsa ya koma gajere mai sauri, mililita 250 sau 30 a minti, jimillar tana nan 7,500, amma abin da ke isa albiyolai ya koma 100 sau 30, wato 3,000 kacal. Wannan ne dalilin da ya sa mai haki yake iya galabaita ko da yake ana ganin ƙirjinsa yana aiki ba tsayawa.

Lissafin ya kuma nuna yawan iskar da shimfiɗar take fuskanta. Mililita 7,500 a minti sun haura lita 10,000 a kwana guda, ga wanda ke hutawa ke nan. Manomi a kan aiki yana jan ninkin haka a cikin awannin aikinsa, kuma sau da yawa ta baki, inda babu matatar hanci.

## Shimfiɗar manyan bututai

A tirakiya da manyan rassa, shimfiɗar ta ƙunshi dogayen ƙwayoyi a tsaitsaye. Idan aka duba da madubin likita sai a ga kamar hawa-hawa suke, amma kowace ƙwaya ƙafarta tana kan tantanin ƙasa ɗaya, tsawonsu ne ya bambanta. Iri uku ne suka fi yawa.

Na farko su ne ƙwayoyi masu gashi. Kowace ɗaya tana da ƙananan gasu kimanin 200 a kanta, waɗanda ake kira siliya, kuma suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, duk zuwa sama wajen maƙogwaro. Na biyu su ne ƙwayoyin majina, masu siffar ƙoƙo, waɗanda ake kira gobilet. Na uku gajeru ne da ke zaune a ƙasa, su ne irin da ke haifar da sababbin ƙwayoyi idan shimfiɗar ta ji rauni. Ƙarƙashin shimfiɗar kuma akwai ƙananan matsattsai da ke zubo majina da ruwa ta ƙofofi.

Majinar hawa biyu ce. A ƙasa akwai ruwa mai tsinkewa wanda gasun suke kaɗawa a ciki, a sama kuma akwai mai danƙo wadda take kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Ƙarshen gasun yana tura ta saman da gudun milimitoci kaɗan a minti, har ta iso maƙogwaro a haɗiye ta ba tare da an sani ba, ko a yi kaki a tofar. Idan ruwan ƙasan ya ragu, majinar tana yin kauri ta danne gasun, sharar ta yi rauni. Busasshiyar iska mai sanyi, irin ta asubahin hunturu, tana rage saurin wannan aiki.

## Shimfiɗar ƙananan bututai

Da aka gangara ƙasa, ƙwayoyin suna gajarta. Shimfiɗar tana komawa layi ɗaya na dogayen ƙwayoyi, sannan layi ɗaya na ƙwayoyi masu tsawo da faɗi daidai. Matsattsan majina suna ɓacewa tare da guringuntsi. Ƙwayoyin gobilet suna raguwa, kuma a huhu mai lafiya da wuya a same su a buronkiyol na ƙarshe.

Jerin ɓacewar yana da ma'ana. Ƙwayoyin majina suna ƙarewa kafin masu gashi su ƙare, domin ana samun siliya har cikin rassan farko masu albiyolai. Ke nan tsintsiya tana farawa ne daga ƙasan inda majina take fitowa, kuma majina ba ta samun inda za ta taru babu mai share ta. A bututun da bai kai milimita ɗaya ba, ɗigon majina mai kauri ya isa ya toshe hanya.

A madadin gobilet, ƙananan bututai suna da wasu ƙwayoyi marasa gashi, masu kai a kumbure, da ake kira ƙwayoyin kulob. A da ana kiransu da sunan Max Clara, wanda ya bayyana su a 1937. Suna fitar da ruwa marar danƙo wanda ke hana bangon bututu mannewa, suna karya wasu gubobin da aka shaƙa, kuma su ne ke haifar da sababbin ƙwayoyi a wannan yanki.

## Shimfiɗar albiyolai

Marcello Malpighi, ɗan Italiya, shi ne ya bayyana waɗannan buhuna da siraran jijiyoyin jinin huhu a 1661. Faɗin kowane ɗaya kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Wani ƙidaya da aka wallafa a 2004 ya sami matsakaicin miliyan 480 a huhun baligi. Da za a shimfiɗa bangonsu, zai rufe fili mai murabba'in mita 70 ko fiye, kusan tsakar gida matsakaiciya.

A nan babu gashi, babu majina. Ƙwayoyi iri biyu ne suke yin bangon. Iri na ɗaya shimfiɗaɗɗu ne, sirara ƙwarai, suna rufe kusan kashi 95 cikin ɗari na fili. Tsakanin iska da jini a wurare mafi siranta bai kai maikiron ɗaya ba, kuma maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Iri na biyu dunƙulallu ne, suna zaune a kusurwoyi, kuma sun fi na ɗaya yawa a ƙidaya duk da ƙanƙantar filin da suka rufe. Su ne ke fitar da safaktan, wani maiƙo da ke hana buhunan mannewa idan an fitar da numfashi, kuma su ne ke maye gurbin iri na ɗaya idan sun mutu. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa rashin wannan maiƙo ne ke sa jariran bakwaini wahalar numfashi.

Masu tsaron albiyolai su ne ƙwayoyin da ake kira makarofaj, waɗanda ke yawo a kan bango suna haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta. Wasu suna rarrafawa sama har su hau kan majina a fitar da su, wasu suna shiga hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar ƙirji, wasu kuma suna zama a naman huhu da kayansu. Ƙurar da ta faɗa kan majina tana fita yawanci cikin kwana guda, amma wadda ta isa albiyolai tana iya ɗaukar watanni ko shekaru.

## Ƙura da hayaƙi a ƙauyukan arewacin Kano

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wurare mafi cunkoson manoma a yankin, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya daɗe yana nazarin wannan yanki. A ƙananan hukumomi irin su Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Ghari da Minjibir, ana girbe gero, dawa, gyaɗa da wake, sai aikin sussuka da shiƙa ya biyo baya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kawo hazo, wanda yawancinsa yake tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Girki kuwa da itace ne ko kara, kuma saboda sanyi ana shigar da wuta ɗaki.

A yini ɗaya na wannan lokaci, mace mai sussuka da safe, mai girki da yamma, tana shaƙar ƙura mai girma uku, kuma kowace tana da masaukinta.

Ƙaiƙayi da ɓurɓushin ƙasa da suka haura maikiron 10 suna da nauyi, ba sa iya bin iska idan ta yi kwana. Suna bugun bangon hanci da maƙogwaro su manne. Su ne ke kawo atishawa da ƙaiƙayin wuya, kuma su ne baƙin da ake gani idan an face majina.

Masu matsakaicin girma, daga maikiron 10 zuwa kimanin 2.5, suna wucewa ciki. Manyansu suna bugun mararrabar rassa, ƙananansu suna kwantawa a inda iska ta rage gudu. Yawancinsu suna sauka a kan majina, siliya su kwashe su, su fito cikin kakin safe.

Hayaƙin itace da kara kuwa yawancin ɓurɓushinsa bai kai maikiron ɗaya ba, haka ma mafi laushin hazo yana cikin ƙananan. Waɗannan suna wuce iyakar majina da siliya, su isa albiyolai inda makarofaj kaɗai ke tsaro. Ta wannan hanya ce kuma ƙwayar tarin fuka take shiga, cikin busassun ɗigo masu girman maikiron 1 zuwa 5. Ƙyalle ko rawani da aka rufe hanci da shi yana tare manyan ƙura, amma ƙananan suna ratsa shi.

Idan shaƙar hayaƙi ta ɗauki shekaru, shimfiɗar kanta tana sauyawa. Matsattsan majina suna girma, gobilet suna yawaita, har su bayyana a ƙananan bututan da ba wurinsu ba. Siliya suna gajarta su ragu. A wasu wurare dogayen ƙwayoyin suna komawa shimfiɗaɗɗu hawa-hawa irin na cikin baki, masu juriya amma marasa gashi. Majina ta ƙaru, mai share ta ya ragu, sai tari ya zama hanyar fitar da ita. Likitoci suna kiran ciwon kumburin buronkos mai daɗewa idan mutum yana tari da kaki na aƙalla wata uku a shekara, shekara biyu a jere. Ana ganin wannan a jikin tsofaffin mata da ba su taɓa shan taba ba amma suka shekara da shekaru a gaban murhu. Tarin da ya wuce mako biyu, ko mai jini, ko mai tare da rama da gumin dare, yana buƙatar gwajin kaki don tarin fuka kafin a ɗora wa hayaƙi laifi.

## Gyaɗa a hanyar iskar yaro

Siffar rassan tana fitowa fili idan wani abu ya faɗa ciki. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku bai gama fitar da turamen haƙora ba, ba ya tauna gyaɗa da kyau, kuma yana iya jan numfashi da ita a baki idan ya yi dariya ko kuka. Gutsuren yana wuce akwatin murya, yaron ya shaƙe ya yi tari mai tsanani, sannan ya lafa idan abin ya gangara ya zauna a wani reshe. Wannan lafawa ce ke ruɗar iyaye.

A manya, abin da ya faɗa ya fi bin reshen dama saboda faɗinsa da miƙewarsa. A ƙananan yara bambancin rassan biyu bai kai na manya ba, don haka ana samunsa a hagu ma sau da yawa. Bututu yana buɗewa kaɗan lokacin jan numfashi, yana tsukewa lokacin fitarwa. Saboda haka iska tana iya wuce gyaɗar ta shiga, ta kasa fita, ɓangaren huhun ya kumbura. Idan toshewar ta cika, iskar da ke bayanta tana narkewa cikin jini, ɓangaren ya sace. Man gyaɗa yana fusata shimfiɗar ta kumbura ta ƙara riƙe gutsuren, majinar da ke ƙasa ta rasa hanyar hawa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a cikinta.

Alamomin su ne tari da ya fara farat ɗaya lokacin cin abinci, shessheƙa ko raguwar sautin numfashi a gefe ɗaya na ƙirji, da ciwon nimoniya da ke dawowa wuri ɗaya bayan an sha magani. Gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji, sai dai a ga ɓangaren da ya kumbura ko ya sace, wani lokaci ma hoton ya fito lafiya. Maganinta shi ne a zura bututu mai fitila ta maƙogwaro bayan an sa yaron barci, a ciro ta. Wannan aiki na manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, don haka labarin yadda tarin ya fara shi ne abin da ma'aikacin ƙaramin asibiti yake dogara da shi wajen tura yaron.

## Dalilin da ya sa jarirai suka fi shan wahala

An gama shimfiɗa rassan rakiya tun ciki yana kusan wata huɗu, amma yawancin albiyolai bayan haihuwa suke samuwa, musamman a shekaru biyu zuwa uku na farko. Jariri yana da adadin rassa irin na babba, sai dai kowane ɗaya ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A siririn bututu da iska ke tafiya a natse, idan faɗi ya ragu da rabi, wahalar tura iska tana ninkawa sau 16. Kumburin shimfiɗa da babba zai ji a matsayin mura kawai yana iya kusan rufe buronkiyol na jariri. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa a madafi yana shaƙar hayaƙin da take shaƙa da waɗannan ƙananan bututai.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na gane saurin numfashi a yaro mai tari shi ne a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke yana kwance a natse. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, da sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta nimoniya. Idan ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki lokacin jan numfashi, huhun ya yi tauri ko hanyoyin sun tsuke, kuma yaron yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya a ranar.